Ƙurajen Ƙunzugu Da Ciwon Gaban 'Yan Mata Ƙanana: Yadda Iyaye Za Su Bambance Su

Maganar da za mu yi yau ta shafi wani wuri na jikin 'ya'yanmu mata wanda kunya kan hana mu ambata. To, amma Hausawa sun ce wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Saboda haka ina neman gafarar manya, zan kira kowane abu da sunansa gwargwadon yadda ladabi ya yarda, domin kowa ya koma gida da abin da zai yi aiki da shi.

Sau da yawa uwa takan zo wanke wa 'yarta jiki, sai ta ga gabanta ya yi ja, ko kuwa ta ga wani ruwa a wandonta. Wata sai ta ce ai ƙunzugu ne ya ci ta, ta shafa mai ta bar zancen. Wata kuwa sai hankalinta ya tashi, ta ce ciwon sanyi ne, ta nufi kantin magani ko wajen mai saiwoyi. Kowaccensu tana iya yin daidai, tana kuma iya yin kuskure, gama abubuwa biyu ne daban suke kama da juna a ido. Na ɗaya shi ne ƙurajen ƙunzugu, watau zafi da saɓewar fata inda nafkin ko famfas yake taɓawa. Na biyu shi ne kumburin fatar gaban yarinya da bakin farjinta, wanda wani lokaci yakan zo da fitar ruwa. Tambayoyi uku ne za su raba wa uwa gardama. Shekarun yarinyar nawa? A ina ne daidai jan yake? Akwai ruwan da ke fitowa daga ciki, ko babu?

Jaririya sabuwar haihuwa

Bari mu fara da abin da ba ciwo ba ne, domin kada a wahalar da jaririya a banza. Lokacin da take ciki, sinadaran mace da ke gudana a jinin uwarta suna ratsawa su shiga nata jinin. Saboda haka bayan haihuwa za a iya ganin gabanta ya ɗan kumbura, ana kuma ganin farin ruwa mai kauri ko mai yauƙi yana fita. Wata jaririyar har ɗigon jini kaɗan akan gani a ƙunzugunta cikin kwanakin farko, kafin suna ko jim kaɗan bayansa. Wannan yana faruwa ne domin sinadaran uwar suna janyewa daga jikinta, kuma yakan ɗauke da kansa cikin mako biyu ko kusa da haka. Abin da ake bukata kawai shi ne a wanke waje da ruwa mai ɗumi. Kada a matse, kada a cusa tsumma ciki. Amma idan jinin ya yi yawa, ko ya zarce mako biyu, ko ruwan yana wari, ko jikinta ya yi zafi, sai a kai ta asibiti a ranar.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. A wasu jarirai mata akan ga ɗan tsiron nama a bakin farji, kuma a wasu garuruwanmu akan kira wanzami ya cire shi da sunan angurya. Likitoci sun san wannan ɗan naman, ɓangare ne na halittar yarinyar wanda sinadaran uwa suka kumbura, kuma yakan shanye da kansa. Yankan shi ne yake jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta da tabon da zai dame ta idan ta girma. Dokar Tarayya ta 2015 wadda ta haramta cin zarafin mutane ta sa kaciyar mata cikin laifuffuka. Kada a bari aska ta kusanci wannan wuri.

Yadda ƙurajen ƙunzugu suke

Ƙurajen ƙunzugu ciwon fata ne na yaron da yake cikin ƙunzugu, mace ko namiji, kuma sun fi yawa tsakanin wata 9 zuwa 12, lokacin da aka fara ba yaro abinci iri iri. Asalinsu shi ne jiƙewa. Fatar da ta daɗe cikin fitsari takan yi laushi kamar hannun mai wanki, kashi kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci waɗanda suke cin fatar da ta yi laushi. Idan aka haɗa da gogar ƙunzugu da zafin ƙasarmu, sai fata ta saɓe. Shi ya sa yaron da ya yi gudawa kwana biyu kusan kullum sai ɗuwawunsa ya nuna alama.

Abin lura shi ne wurin da suke fitowa. Sukan kama tudun jiki, watau inda ƙunzugu yake gogawa: kumatun ɗuwawu, da saman gaba, da ƙasan mara, da saman cinyoyi. Idan uwa ta buɗe lungun matsematsi, inda cinya ta haɗu da jiki, za ta tarar fatar nan lafiya lau, domin fitsari da guga ba su cika kai wa can ba. A yarinya mai hasken fata za a ga ja sosai. A mai duhun fata kuwa jan ba ya fita fili, sai dai a ga wurin yana sheƙi, ya fi sauran jiki duhu, ko ya yi fari fari kamar an kankare, kuma takan yi kuka idan ruwa ya taɓa. Babu wani ruwa da ke fitowa daga cikin farji.

Maganinsu yana hannun uwa. A canja ƙunzugu da zarar ya jiƙe, kamar kowace awa 2 zuwa 3 da rana, kuma nan take bayan kashi. A wanke da ruwa mai ɗumi zalla, a dangwala tsumma mai laushi har ya bushe, ban da gurzawa. A shimfiɗa mata zane a bar ta tsirara ta sha iska sau da yawa a yini. Sa'an nan a shafa man basilin marar ƙamshi, ko farin man nan mai sinadarin zink, a shafa da kauri domin ya zama katanga tsakanin fata da fitsari. A guji hoda, gama takan dunƙule cikin lungu ta riƙe laima, jariri kuma yana iya shaƙar ta ta cuci huhunsa. Masu amfani da nafkin na tsumma su ɗauraye shi sosai har sabulu ya fita, su shanya a rana, su kuma rage ɗaura wandon roba a kansa. Idan an yi haka, lalle cikin kwana 3 za a ga sauƙi.

Idan kwana 3 sun wuce ba sauƙi, sai a sake dubawa da kyau. Akwai wata ƙwayar cuta dangin funfuna da likitoci ke kira kandida, wadda take son wuri mai ɗumi da laima. Nata ƙurajen sun saɓa wa na farko, domin ita cikin lungun take shiga. Za a ga matsematsi da tsagar ɗuwawu sun yi ja wur, gefen wurin ya fita sosai, da ƙananan ƙuraje a warwatse kewaye da shi kamar an yayyafa. Takan biyo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci kuma a ga farin abu kamar gudajin nono a bakin jaririyar wanda ba ya gogewa. Basilin kaɗai ba zai kawar da wannan ba. Ma'aikacin lafiya zai rubuta man shafawa na musamman, irin su nistatin ko kulotirimazol, a yi ta shafawa har kwanakin da ya faɗa su cika. Ina kuma jan kunnen iyaye game da mayukan nan na kanti masu haɗin magani uku a kwali ɗaya. Galibinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda yake ɓoye jan na ɗan lokaci, ya sirantar da fata, funfunar kuma ta ƙara yaɗuwa.

Ciwon gaba a yarinyar da ta bar ƙunzugu

Yanzu mu juya ga abu na biyu. Shi ya fi kama yarinya daga shekara 2 zuwa 7, wadda ta riga ta bar ƙunzugu tana zuwa bayan gida da kanta. Dalilin yana cikin halittarta. Kafin balaga fatar gaban yarinya siririya ce ƙwarai, ba ta da kitse ko gashin da zai kare ta, ba ta kuma da tsamin nan da yake kashe ƙwayoyin cuta a jikin babbar mace. Ga shi kuma tazarar da ke tsakanin dubura da gaba 'yar kaɗan ce. Saboda haka abu kaɗan yakan isa ya fusata wurin: sabulu mai ƙamshi, ko ragowar garin wanki a wando, ko wandon leda mai matsewa, ko zama cikin jiƙaƙƙen wando, ko wasa a ƙasa ba wando. Babban dalili kuwa shi ne tsarki daga baya zuwa gaba, wanda yake jawo ƙwayoyin cutar kashi zuwa bakin farji.

A nan jan yana tsakiya ne, tsakanin leɓɓan gaba da kewayen ƙofar farji, ɗuwawu da cinyoyi kuwa ba abin da ya same su. Yarinyar za ta riƙa sosawa, ko ta riƙa jan wandonta, ko ta ce fitsari yana yi mata zafi, domin yana bi ta kan fatar da ta saɓe. Ana iya ganin ɗan tabo fari ko ruwan ɗorawa a wando. Ya kamata iyaye mata su san cewa funfunar da take yawan damun manyan mata da ƙaiƙayi ba ta cika kama yarinyar da ta bar ƙunzugu ba kuma ba ta balaga ba. Saboda haka maganin da uwa ta taɓa amfani da shi ta ji daɗi ba zai yi wa 'yarta aiki ba, maganin cusawa kuwa haramun ne gare ta. Idan har likita ya tabbatar da funfuna a irin wannan yarinya kuma tana ta dawowa, yakan nemi a auna ta don ciwon sukari.

Mafi yawan irin wannan ciwo ba ya bukatar ƙwaya ko allura. A zuba ruwa mai ɗumi, mai tsabta, a baho, a zaunar da yarinyar ciki ƙafafu a buɗe minti 10 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a yini. Kada a zuba sabulu ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta ko kanwa ko jiƙon saiwoyi. A tsane ta a hankali, a shafa basilin kaɗan a waje. A koya mata ta buɗe ƙafafu sosai in za ta yi fitsari, domin kada ya taru a ciki. In za a yi mata tsarki da buta, a wanke gaba tukuna, sa'an nan baya, kada hannun da ya taɓa baya ya dawo gaba sai an wanke shi da sabulu. A sa mata wandon auduga mai sakewa, da dare kuma ta kwana da doguwar riga ba wando. Idan mako 1 ya cika ba a ga sauƙi ba, sai asibiti.

Alamun da ba a jira da su

Akwai lokutan da zaman baho ba zai wadatar ba, kuma launin ruwan da warinsa su ne suke faɗa. Idan ruwan yana da yawa, kore ne ko rawaya kamar mugunya, wurin ya yi ja wur yana zafi, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga. Sau da yawa irin wadda take kawo ciwon maƙogwaro ce, yarinyar ta kwaso ta daga hancinta ko bakinta da yatsunta. Likita zai dangwali ruwan da auduga daga bakin wurin, a auna, ya ba da maganin sha da ya dace.

Idan ƙaiƙayin da dare ya fi tsanani, har yarinya tana farkawa da kuka tana sosa gaba da baya, a tuhumi ƙananan tsutsotsin ciki. Farare ne sirara kamar guntun zare, tsawonsu kamar santimita 1, kuma da dare suke fitowa su yi ƙwai a bakin dubura, wasu su ɓata hanya su shiga gaba. Uwa tana iya ganinsu idan ta haska tocila awa 2 ko 3 bayan yarinyar ta yi barci. Maganinsu na sha ne, akan maimaita shi bayan mako 2, kuma akan ba dukan mutanen gida tare. A yanke farce, a wanke zannuwan gado.

Idan kuwa ruwan yana da mugun wari, ruwan ƙasa ne ko da jini jini, kuma an sha magani ya lafa ya sake dawowa, to lalle a yi zaton wani abu ya maƙale a ciki. Yara sukan tura ƙananan abubuwa cikin wasa, kamar guntun takardar goge jiki ko ɗan dutsen ado ko ƙwayar hatsi. Kada uwa ta gwada zaƙulowa da tsinke ko yatsa, gama za ta ƙara tura shi ne ta ji mata rauni. Wannan aikin likita ne.

Doka ɗaya nake so kowa ya riƙe: duk jinin da ya fito daga gaban yarinyar da ta wuce kwanakin jego kuma ba ta balaga ba, sai likita ya gani. Haka nan zazzaɓi tare da yawan fitsari ko ciwon mara ko amai, domin wannan yana nuna ciwon mafitsara, sai an auna fitsari. Jaririyar da ba ta kai wata 3 ba kuwa, da zarar zafin jikinta ya kai digiri 38, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Ƙuraje masu ƙunsar ruwa ko mugunya, da gyambo, su ma na asibiti ne. Idan an ga leɓɓan gaban sun manne da juna kamar an rufe ƙofar da siririyar fata, kada a ɓamɓare da ƙarfi. Yakan biyo bayan irin wannan kumburi, yakan kuma buɗe da kansa ko da man da likita zai rubuta.

Tilas ne in taɓo magana mai ɗaci. Mafi yawan jan gaba da fitar ruwa a yara ba su da alaƙa da lalata, saboda haka kada ja kaɗai ya sa a zargi kowa. Amma idan akwai rauni ko tsagewa ko jini, ko yarinya ta soma tsoron wani mutum, ko ta faɗi da bakinta cewa wani ya taɓa ta, to a saurare ta cikin natsuwa, kada a daka mata tsawa, kada a doke ta. Kada a yi mata wanka ko a wanke tufafinta, a kai ta babban asibiti nan da nan. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Rufa asirin gida da ya wuce wannan wa'adi, yarinyar ce take biyan kuɗinsa.

Misali daga gida ɗaya

Mu ɗauki misalin uwa mai 'ya'ya mata biyu, ƙaramar wata 10, babbar shekara 4, kuma a mako ɗaya ta ga ja a gaban kowaccensu. Abin da zai fara zuwa mata a rai shi ne ɗaya ce ta shafa wa ɗaya. Bari mu bi tambayoyinmu uku. Ƙaramar tana cikin famfas, ta yi gudawa kwana biyu da suka wuce. Da uwar ta duba da hasken rana, sai ta ga jan yana kan ɗuwawu da saman gaba, lungun matsematsi fes, ba ruwan da ke fita daga ciki. Wannan ƙurajen ƙunzugu ne. Ta yawaita canji, ta bar ta tana shan iska, ta shafa man zink da kauri. A rana ta uku fata ta soma komawa daidai. Da a ce a ranar ta tarar lungun ya yi ja da ƙuraje a warwatse, da ta san funfuna ta shiga, sai ɗakin shan magani.

Babbar kuwa ba ta sa ƙunzugu, ɗuwawunta lafiya, jan yana tsakiya, da ɗan tabo fari marar wari a wando. Ba zazzaɓi, ba jini. Da uwar ta lura, sai ta ga tun da yarinyar ta shiga makarantar yara ita take yi wa kanta tsarki, daga baya take jawowa. Aka fara zaman baho safe da yamma, aka gyara tsarki, aka canja wando. Bayan kwana 5 jan ya ragu, amma ƙaiƙayin dare yana nan. Wannan saura shi ne ya nuna akwai wani dalili na biyu. Uwar ta haska tocila bayan sha ɗaya na dare, ta ga fararen zare biyu suna motsi a bakin dubura. Washegari ta je asibiti da 'ya'yan duka, ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya shekarun kowacce, domin ita ce za ta yanke abin da ya dace da jaririyar. Aka ba mutanen gida magani, aka maimaita bayan mako 2, ƙaiƙayi ya ɗauke. Kun ga gida ɗaya, ja iri biyu, magani iri biyu, kuma babu wadda ta shafa wa 'yar'uwarta ja.

Kafin in rufe, ga kalma ɗaya ga iyayen 'yan mata da suka tasa. Idan nono ya fara fitowa, akan ga farin ruwa marar wari marar ƙaiƙayi wata 6 zuwa 12 kafin jinin al'ada na farko. Wannan alamar girma ce, a yi wa yarinya bayani, a ba ta wando mai tsabta.

Ku iyaye maza, idan uwargida ta ce tana son kai yarinya asibiti saboda irin wannan, kada ku ce ƙaramin abu ne, ku ba ta izini da kuɗin mota. Ku iyaye mata, in za ku je, ku riƙe a ka ranar da abin ya fara, da launin ruwan, da ko yana wari, ku tafi da duk man da kuka riga kuka shafa a cikin kwalinsa, domin wannan zai taimaki likita ya gane ciwon da wuri. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiya, amin.